Nauyin da Ya Faɗo Kan Bim: Yadda Ake Lissafin Matsin da Yake Haifarwa

Tambaya: Malam, ina da bim na ƙarfe da ke ɗaukar kaya mai nauyin kilo 100 ba tare da wata matsala ba. An gargaɗe ni cewa idan kayan nan ya suɓuce daga tsayin santimita 10 kacal, zai iya lanƙwasa bim ɗin. Ta yaya ɗan wannan tsayi zai yi irin wannan ɓarna, kuma yaya zan lissafa?

Amsa: Wanda ya gargaɗe ka ya yi gaskiya, kuma dalilin yana cikin gajartar tazarar da bim yake da ita don tsayar da kayan. Kayan da ke faɗowa yana tara kuzari a duk tsawon faɗuwarsa, amma bim ɗin ƙarfe ba ya lotsawa sai 'yan milimita kaɗan, saboda haka dole ne ya shanye wannan kuzari duka a cikin ɗan taƙin nan, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da ƙarfin turjiya da ya ninka nauyin kayan sau da yawa.

Lissafin ya ginu ne a kan daidaita abu biyu. Aikin da nauyi W ya yi shi ne W sau tsayin faɗuwa h haɗe da lotsawar da bim ya yi bayan karo, domin kayan yana ci gaba da sauka har bim ya tsayar da shi. Kuzarin da bim ya adana kuwa rabin ƙarfin turjiyarsa na ƙarshe ne sau wannan lotsawa, tunda turjiyar daga sifili take tashi. Idan aka daidaita su aka warware, sai a sami adadin ninki, wanda ake rubutawa da n:

```
n = 1 + √(1 + 2h/δst)
σmax = n × σst
δmax = n × δst
```

A nan δst ita ce lotsawar da bim zai yi da a ce an ɗora masa kayan a hankali a daidai wurin da zai faɗa, σst kuma matsin da zai samu a wannan hali, wato ƙarfin da ke kan kowane murabba'in milimita na ƙarfen; δmax da σmax kuwa su ne lotsawa da matsi mafi girma a lokacin karo. Ka lura cewa ko h ta zama sifili, wato aka kawo kayan ya taɓa bim sannan aka sake shi gaba ɗaya, n tana zama 2.

Tunda ba ka faɗi girman bim ɗinka ba, bari mu ɗauki ƙarfe curarre mai faɗin milimita 50 da tsayin milimita 100, wanda ke zaune a kan madogara biyu da tazarar mita 2 a tsakaninsu, kayan kuma mai nauyin nyuton 1000 ne, wato kusan kilo 102, yana faɗowa a tsakiya. Ga ƙarfen gini E, wato ma'aunin taurin ƙarfen, tana kusan 200,000 MPa, wato megafaskal. A lissafin da ke ƙasa, L ita ce tazarar madogaran a milimita, I ma'aunin yadda faɗi da tsayin bim ke hana shi lanƙwasa, 50 da ke layin σst kuma rabin tsayin bim ne.

```
I   = 50 × 100³ / 12     = 4,166,667 mm⁴
δst = W L³ / (48 E I)    = 0.2 mm
σst = (W L / 4) × 50 / I = 6 MPa
n   = 1 + √(1 + 200/0.2) = 32.6
```

Matsin megafaskal 6 ba komai ba ne ga ƙarfen da sai a wajen 250 yake fara lanƙwasar da ba ta komawa, shi ya sa kake ganin bim ɗin kamar bai san da kaya a kansa ba. Amma da faɗuwar milimita 100, matsin ya haura zuwa kusan 196, lotsawar kuma ta kai milimita 6.5. Idan tsayin ya zama milimita 200, n ta koma 45.7, matsin ya kai 274, kenan ƙarfen ya wuce iyakarsa, kuma bayan an ɗauke kayan za ka tarar bim ɗin ya ƙi miƙewa, watakila ma fenti ko tsatsar da ke ƙasansa ta tsage a daidai tsakiya.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa dabarar da ke aiki ga kayan da ke zaune ba lallai ta yi aiki ga kayan da ke faɗowa ba. Ka kwantar da wannan bim ɗin a gefensa mai faɗi, tsayinsa ya zama milimita 50. Matsin zama zai ninka zuwa 12, wanda ke nuna ya yi rauni, amma lotsawar zama ta koma milimita 0.8, n ta sauko zuwa 16.8, matsin karo ya zama kusan 202, wato kusan daidai da na farko. Haka kuma idan ka sayi bim mai tsayin milimita 200, matsin zama zai ragu sau huɗu zuwa 1.5, amma n za ta haura 90, matsin karo ya tsaya a wajen 136. Ka ninka ƙarfen da ka saya, amma abin da ka rage bai kai kashi ɗaya bisa uku ba. Dalili shi ne duk ƙarin taurin da ka yi wa bim yana rage tazarar tsayawa, don haka abin da ke ƙayyade matsin karo shi ne yawan jikin ƙarfen da ke raba kuzarin a tsakaninsa. A ganina, hanyar da ta fi sauƙi da amfani ita ce ƙara sassauci. Da za a sa roba ko sifirin a ƙarƙashin madogaran biyu, yadda za su nutse milimita 2 a ƙarƙashin kayan, δst ta zama 2.2, n ta koma 10.6, matsin kuma ya sauko zuwa kusan 64, alhali bim ɗin shi ne dai na farko.

Wannan hujja ce kuma ke bayyana abin da ke faruwa da sanda ko ƙusa mai zare da ake fizga a tsaye. Idan wani ɗan gajeren sashe nata ya fi sirantaka, matsin yana taruwa a nan, sauran jikin mai kauri kuma ba ya miƙewa sosai balle ya shanye kuzari, shi ya sa ake rage kaurin gangar ƙusar da za ta sha karo har ya yi daidai da gindin zarenta.

Lissafin yana da iyakoki da ya kamata ka sani. Yana ɗauka cewa ƙarfen bai wuce iyakar komawarsa ba, saboda haka 274 da muka samu ba ainihin matsin ba ne, alama ce kawai ta cewa bim ya lanƙwashe. Yana kuma ɗauka cewa kayan tsauri ne da ba ya lotsewa, kuma bim ba shi da nauyi idan aka kwatanta da kayan. A misalinmu bim ɗin yana da kilo 78.5, wanda ba abin watsarwa ba ne. Gyaran da aka saba yi ga bim mai madogara biyu shi ne a ɗauki 17/35 na nauyinsa, wato kusan kilo 38, a matsayin abin da kayan zai ja tare da shi, sai kuzarin da ya rage ya zama 102/140, kusan kashi 73 cikin ɗari, n ta koma 28, matsin kuma 168. Wannan gyara ƙiyasi ne, kuma idan bim ya fi kayan nauyi nesa, ko gudun karon ya yi yawa, girgiza da igiyoyin matsi da ke yawo cikin ƙarfen su ne ke mulki, dabarar kuzari ba ta isa ba.

Ga naka bim, ka lissafa δst a daidai wurin da kayan zai iya faɗawa, ka yi amfani da n marar gyara domin ita ce ta fi tsanani, sannan ka ninka ƙarfin da ke sauka kan madogara da walda da ƙusoshi da wannan n ɗin, domin a misalinmu kowace madogara da ke ɗaukar nyuton 500 a zaune za ta karɓi fiye da 16,000 a lokacin karo.