Inna ta daina cin abinci tunda muka cire mata gishiri

Tambaya: Salam Hajiya. Mahaifiyata ce shekarunta 74, muna Tudun Wadan Zariya. Tana da hawan jini tana shan amlodifin da lisinofiril, haƙoranta na ciki sun zube saura na gaba su ma suna girgiɗi. Tunda aka ce a rage gishiri muka cire mata gaba ɗaya, yanzu loma biyu take ta ture kwano, sai kunun kanwa da shayi kawai take yarda ta sha. Ta rame sosai, kilo 48 ta koma. Dan Allah me zan riƙa bata?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya saka miki da alheri. Gaskiya ramar nan ta fi tayar min da hankali akan hawan jinin, domin shi hawan jini tana kan magani, ita kuwa rama a wannan shekarun ita ke kawo faɗuwa a banɗaki da kwanciyar da ba a tashi da wuri. Kuma rage gishiri aka ce muku, ba cirewa ba. Tsoho dama harshensa ya rage jin ɗanɗano, lisinofiril ma wani lokacin yana canza wa mutum ɗanɗanon baki, sai kuma a kawo masa miya salam, toh wallahi ko ni ce zan ture.

Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe kenan. Kinga akwai ɗan fili. Inda matsalar take shi ne gishirin da bamu lissafawa. Ɗunƙulen magi ɗaya wajen rabinsa gishiri ne, kusan giram 2. Ki ɗauki tukunyar miyar gida ta mutum goma, an jefa ɗunƙule shida an ƙara ƙaramin cokali biyu na gishiri, kin tashi sama da giram 20, kowa ya kwashi giram 2 da ɗoriya a zama ɗaya tun kafin a barbaɗa yaji, shi ma yajin an daka shi da magi da gishiri.

Sai kanwa, kuma nan nake so ki tsaya. Mutane da yawa basu san cewa sinadarin da ke cikin gishiri mai tada jini, wato sodiyam, shi ne dai a cikin kanwa ba, fara ce ko ja. Wato kun hana Inna gishirin miya amma kullum tana shansa a kunu, ba tare da ta more daɗinsa ba. Haka ɗanwake, haka kanwar da ake jefawa a kuɓewa don yauƙi ko a wake don ya yi saurin nuna. Wake in kin jiƙa shi tun dare kin surfe zai dahu lugub ba kanwa, ɗanyar kuɓewa ma in aka goga ta ba a barta ta daɗe a wuta ba tana yauƙinta.

Abin da zaki yi, ki samu ɗan kofi da murfi, kowace safiya ki auna rabin ƙaramin cokalin gishiri a ciki, wannan shi ne na Inna na yini guda. In ana miya ki ɗebi nata kafin a sa magi da gishiri, ki ƙarasa a ƙaramar tukunya da daddawa, albasa mai yawa, tafarnuwa, citta, ɗan garin busasshen kifi wanda ba a gishirta ba, sannan ki yayyafa daga kofin nan a kai lokacin da zata ci, saboda gishirin da ke sama harshe ya fi jinsa akan wanda ya narke a tukunya. Ɗan tsami ma yana tsinka yawu, yakuwa a miya ko matsin lemon tsami kaɗan.

Toh tunda cikinta loma kaɗan yake karɓa, dole kowace loma ta zama mai nauyi. Mai kilo 48 tana buƙatar wajen giram 50 zuwa 55 na abinci mai gina jiki, furotin, a yini, kuma shayi da kunu zalla ko kusa basa kaiwa. Da safe bayan ta yi sallah ta ɗan huta, ki dama mata kunun gyaɗa mai kauri a madadin na kanwa, ki zuba madarar gari babban cokali uku, da ƙwai ɗaya da aka kaɗa aka dafa ya yi laushi kamar alale. Wannan kaɗai ya kusa giram 15. Da hantsi kofi ɗaya na kindirmo da aka murje ayaba ko fura mai laushi a ciki, giram 8 kenan, amma nonon ya zama wanda aka dafa madararsa kafin ta kwana.

Da rana kuwa ai ku Zage-zagi baku buƙatar a koya muku fate. Faten tsaki da ya dahu sosai, an yanka alayyahu ko rama ƙanana sun narke, an sa dakakkiyar gyaɗa, sai ki murmushe kifi kamar faɗin tafin hannunta a ciki bayan kin tsince ƙaya tsaf da yatsunki, wajen giram 15 zuwa 20 yake bayarwa. Ki ƙara cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja a kwanonta, baya ƙara yawan abincin amma yana ƙara ƙarfi. Da la'asar gwanda ko rabin ƙullin alale, da daddare tuwon shinkafa mai ruwa-ruwa da miyar taushe ko faten wake. Nama in tana marmari a dafa ya yi ligif a daka a turmi a mayar cikin miya. A ƙaramin kwano zaki riƙa zuba mata, babban kwano cike yana kashe wa marar sha'awar abinci gwiwa, kuma kada ta sha shayi ko ruwa da yawa dab da cin abinci, a bari sai bayan ta gama. Ki zauna ku ci tare in da hali, tsofaffi sun fi ci cikin mutane.

Abu biyu ki kiyaye saboda lisinofiril ɗin. Akwai wani gishiri da ake sayarwa wai na masu hawan jini, fotashiyam ne a ciki, shi kuma maganin dama yana tara fotashiyam a jiki, haɗuwarsu na iya rikita bugun zuciya, kada ki saya sai likita ya gwada ƙodarta ya amince. In ma gwajin ya nuna ƙoda ta yi rauni, lissafin furotin da ayabar da na yi miki duk zai canza. Na biyu, in haƙori na ciwo kada a sayo mata diklofenak ko ibufurofen a kemis, suna tada jini suna taɓa ƙoda, farasitamol ya fi, kuma ki kai ta sashen haƙori na asibitin koyarwa da ke Shika, haƙori mai girgiɗi da ciwo shi kaɗai ya isa hana mutum cin abinci. Goro in ana goga mata shi ma a rage, yana kashe yunwa.

Ki riƙa auna kilonta duk bayan sati biyu a sikeli ɗaya, ki rubuta tare da awon hawan jini. Wanda ya rame sau da yawa maganin da yake sha a da yana yi masa yawa, in kika ga jiri na ɗibarta lokacin da ta ɗago daga sujada ko ta tashi daga gado, ki koma da ita a duba maganin, kada ku tsayar da kanku. In kuma tana ƙwarewa ko tari yayin haɗiya, ko abinci na tsaya mata a ƙirji, ko bayan gida ya yi baƙi, ko kin yi duk wannan wata guda kilo bai daina sauka ba, wannan ya wuce maganar girki, ki kai ta asibiti a satin.