Idan X ya fara daga kusurwa, ina O zai shiga?

"Kullum abokina ya sa X a kusurwa sai ya cinye ni a wasan X da O. Ina zan sa O, kuma zan iya cin sa?"

Sa O a tsakiya. Duk wani gida faɗuwa ne idan ya iya wasan. Lissafa gidajen 1 zuwa 9 daga hagu, layi bayan layi. Ya ɗauki 1, ka ɗauki 5. Idan ya koma 9, a nan tarkon yake, don hannu yakan so kusurwa. Kana sa O a 3, dole ya tare ka a 7, sai ya samu hanya biyu, ta 4 da ta 8, kai kuwa ɗaya kaɗai za ka toshe. To ka ɗauki gefe, misali 2. Dole ya tare 8, ka tare 7, ya tare 3, ka tare 6, an tashi canjaras.

Batun ci kuwa, sai ya yi kuskure. Layuka 8 ne kacal, kuma mai lura ba a cin sa sai da hanya biyu a lokaci guda. A ganina abin koyo shi ne ka tilasta masa tarewa a gidan da ba zai buɗe masa hanya biyu ba.