Yadda ake mayar da layukan saiti zuwa jadawali mai ginshiƙi biyu, a kuma dawo da su

Tambaya: Malam, ina da fayil ɗin saiti na manhajarmu, kowane layi suna ne da ƙimarsa da alamar = a tsakani. Na raba su gida biyu a Excel da Text to Columns, na gyara, amma da na mayar sai manhajar ta ƙi tashi. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, ina zargin wurin rabawar ne. Text to Columns yana yanka layi a duk inda ya ga =, alhali ta farko kaɗai ce ke raba suna da ƙima. Duba wannan:

```
API_URL=https://example.com/duba?id=7
PIN=0042
```

Layin farko yana da = guda biyu, don haka zai tsinke gida uku, lambar 7 ta faɗa ginshiƙi na uku. In ka haɗa biyun farko kawai, adireshin ya dawo guntu. Layi na biyu kuwa Excel zai ɗauki 0042 a matsayin adadi, ya zubar da sifili biyun, ya bar 42. Haka yake yi wa lambar waya mai farawa da 0, kuma adadin da ya wuce lambobi 15 sai ya mayar da wutsiyarsa sifili.

Ka zuba layukan ɗungurungum a ginshiƙin A, ka sa lissafin farko na nan ƙasa a B1, na biyu a C1, ka ja su ƙasa:

```
=LEFT(A1,FIND("=",A1)-1)
=MID(A1,FIND("=",A1)+1,LEN(A1))
```

FIND tana tsayawa a = ta farko, duk abin da ya biyo baya ya tafi cikin ƙima yadda yake, kuma a matsayin rubutu, shi ya sa 0042 ba ya taɓuwa. Kafin ka fara gyara da hannu, ka kwafi B da C ka manna da Paste Values, sannan ka mayar da C zuwa Text. Kada ka juya tsarin, domin in ka fara sa Text, lissafin ba zai yi aiki ba, sai ya zauna maka a rubuce.

Inda ka ga #VALUE!, layin ne ba shi da =, wato layin bayani mai farawa da # ko layi fanko. Waɗannan ka mayar da su daga A yadda suke.

Komawa ba wuya. A D1 ka rubuta:

```
=B1&"="&C1
```

Ka kwafi D ka manna a Notepad, kada ka adana shi a matsayin CSV. Ni ba na yarda da sabon fayil sai na gwada shi da tsohon da umarnin fc a Command Prompt:

```
fc tsoho.env sabo.env
```

Layukan da ka gyara da gangan su kaɗai ya kamata su bambanta, ko da yake fc yana nuna layin da ke sama da na ƙasan kowane bambanci. In wani ya bambanta da ba ka taɓa ba, Excel ne ya sauya shi, ka kwafo shi daga tsohon fayil.