Kuɗin Jidda ba sa "hanya"

Tambaya: Maigidana yana aikin tuƙi a Jidda, kowane wata yana aiko mana da Riyal 1,000 ta hannun wani ɗan kasuwa a nan Sakkwato. Yau wata biyu ke nan ko sisi ban karɓa ba, kullum na je sai ya ce kuɗin suna hanya. Magina sun tashi daga aikinmu a Mabera, mai hatsi yana bina bashi. In ci gaba da jira?

Amsa: Malama, ki daina jira. Yau ɗin nan ki gaya wa maigida kada ya ba da na wata na uku.

Maganar nan ta "suna hanya" na gaji da jin ta. Wace hanya? A wannan harka ko Riyal ɗaya ba ya hawa jirgi. Wakilin Jidda yana karɓar Riyal ya sayi abaya, dabino da turare ya turo. Na Sakkwato kuma daga cinikin shagonsa yake ƙirga miki Naira. Saƙon waya ɗaya ne tsakaninsu. To idan aka yi wata biyu, aljihun na nan ne ya bushe: ko kaya sun maƙale, ko canji ya juya masa baya, ko da kuɗinki yake sallamar waɗanda suka fi ki tayar da jijiyar wuya. Tun Yunin 2023 da Babban Banki ya bar wa kasuwa yanke farashin Naira, wanda ya yi alkawarin farashi yau ya biya bayan mako uku yana iya karyewa ba tare da ya yi niyyar cin amana ba. Alamar farko ita ce biya gutsi-gutsi. Ta biyu, ya ce ki bar kuɗin a wurinsa ya juya miki.

Abin da ke jan mutane shi ne ɗan ƙarin canji. A ce ya ɗara banki da Naira 10 a kowane Riyal: Naira 10,000 ke nan a wata. Saboda ita aka jingina Riyal 2,000 ba rasit, ga birkila da lebura sun koma gida hannu rabbana. Kuma maigida ba shi da bakin kai ƙara a can, domin aika kuɗi ba lasisi laifi ne a Saudiyya.

Ki tafi da wan mijinki da mai unguwa. Ɗan kasuwan ya rubuta adadin Riyal, farashin da aka yi, da ranar biya, shaidu biyu su sa hannu. Idan ya ce rubutu rashin yarda ne, a karanta masa aya ta 282 ta Suratul Baƙara. Saƙonnin murya kuma kada ki goge ko ɗaya.

Idan igamar maigida, wato takardar izinin zamansa a Saudiyya, tana da rai, ya koma kamfani mai lasisi, kuɗin su faɗo asusunki da Naira. Idan ta mutu, a juya tsarin: ki fara ƙirga Nairarki a nan, ki kira shi, sannan ya miƙa Riyal.