Injin ɗina yana ƙas-ƙas a tsakiyar aiki, giya tana cin zare

Tambaya: Malam, ina da firintar 3D irin wadda motar tura zare take gefe, bututu yana kai zaren zuwa kai. Ina buga PLA a digiri 200, gudu 50, kaurin layi 0.2. Aiki yana farawa lafiya lau, amma bayan kamar minti 40 sai in ji ƙas-ƙas, zare ya riƙa fita kaɗan-kaɗan, daga baya ya tsaya gaba ɗaya, in tarar da garin roba a kan giya. Saboda ƙura na rufe injin da kwali. Wani mai gyara ya ɗaure min sifirin, ya ƙara wa motar wuta, yanzu minti 20 ma ba ya kaiwa. Na yi asarar rabin naɗin zare, kuma masu kaya suna jira. A taimaka.

Amsa: Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, da wuya a ce wani abu mai tsada ne ya lalace. Amma kafin ka sake kunna injin nan, ka mayar da wutar motar yadda take tun daga kamfani, ka kuma sassauta sifirin ɗin. Abin da aka yi maka shi ne kuskuren da nake cin karo da shi kusan kullum, kuma ya ishe ni.

Mutane suna jin ƙas-ƙas a wurin giya, sai su yanke hukunci cewa giyar ce ba ta da ƙarfi. Ba haka ba ne. Wannan ƙarar motar ce take ƙoƙarin juyawa gaba, ta kasa, ta koma baya taki ɗaya. Ta kasa ne don akwai abin da ya tare zaren a gaba, ko a cikin bututu, ko a maƙogwaron kan, ko a bakin nozul. Idan sifirin ya riƙe zaren sosai, motar ce za ta tsallake, ka ji ƙara. Idan riƙon bai kai ba, haƙoran giya su zame su riƙa kankare zaren har su yi masa rami, ka ga gari. Ciwo ɗaya ne yake fitowa ta hanya biyu, kuma a duka biyun giyar tana ba ka labari ne kawai.

To me zai faru idan aka ƙara wa motar wuta? Na farko, motar za ta yi zafi fiye da da. Giyar a kan sandar motar take zaune, zafin yana bi ta ƙarfe ya iso haƙoran. Shi kuwa PLA tun a wajen digiri 60 yake fara laushi, ba sai ya kai zafin narkewa ba. Zaren da ya yi laushi ba ya turuwa, latsewa yake yi. Na biyu, sifirin da aka ɗaure tamau yana matse zaren ya tashi daga zagaye ya koma fale-fale, faɗinsa ya ƙaru. Zaren milimita 1.75 ne, ramin bututun kuwa wajen milimita 2, ka ga ratar da ke tsakani ba ta da yawa. Zaren da aka latse yana shiga bututu sai ya fara gogar bango, motar ta ƙara wahala, ta ƙara zafi. Shi ya sa minti 40 ɗinka ya koma 20. Na uku, wanda ya fi ɓata min rai, shi ne mutum ya ɗauki sukudireba ya shiga juya ɗan ƙaramin abin daidaita wuta a kan allo ba tare da mita ba, da ka kawai. Hannu ya ɗan zame ya haɗa ƙafa biyu, allon ya tafi. Na taɓa karɓar injin da fankar da ba ta kai kuɗin abincin rana ba ce ta mutu, amma sai da aka ƙona masa allo wajen neman magani. Wasu kuma sai su ce ka sayi giya mai haƙora biyu. Tana da kyau, ina amfani da ita, amma idan hanya a toshe take, sai dai ta cusa zaren da ƙarfi har bututun ya fice daga mariƙinsa. Wanda bai tambaye ka minti nawa injin yake yi kafin ya fara ƙara ba, bai ce ka nuna masa bakin zaren ba, kada ka ba shi injinka.

Yanzu mu duba naka. Lissafin farko da nake yi shi ne ko kana neman kan ya narkar da abin da ya fi ƙarfinsa. Kaurin layi sau faɗin layi sau gudu: 0.2 × 0.4 × 50, ya ba da 4, wato kubik milimita 4 na roba a kowace daƙiƙa. Kai na yau da kullum yana narkar da ninki biyu na wannan da PLA ba tare da wahala ba. Saboda haka gudu ba shi ne matsalarka ba. Nozul ɗin ma da a toshe yake da datti, da tun layin farko za ka ga alama. Abin da yake farawa lafiya sannan ya lalace bayan wani lokaci, kuma kusan lokaci ɗaya kullum, zafi ne yake taruwa a inda bai kamata ba.

A cikin kan nan, ana son zaren ya kasance da tauri har sai ya iso dab da nozul, domin ɓangaren da bai narke ba shi ne yake tura wanda ya narke, kamar sandar sirinji. Ƙarfen nan mai haƙarƙari da ke sama, da ƙaramar fankar da ke hura shi, aikinsu ke nan: su hana zafi hawa. Idan fankar ta gaji, ko ƙura ta cika haƙarƙarin, ko iskar da take ja ita ma mai zafi ce, zafin zai riƙa hawa a hankali. Zaren ya yi laushi tun a sama, motar ta turo shi, ya kumbura ya cika ramin, ya maƙale. Kwalin da ka rufa shi ne babban abin da nake zargi. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, iskar waje kanta tana haura digiri 40. Ka rufe injin, faranti yana kan 60 yana dumama cikin, me ya rage wa fankar ta hura? Rufe inji na masu buga ABS ne. PLA iska yake so.

Ga yadda za ka tabbatar. Ka sa aiki, ka zauna kusa. Da ka ji ƙarar farko, ka dakatar, ka danne hannun sifirin, ka tura zaren da yatsunka. Idan ya fita sumul ta nozul ba tare da ka yi nishi ba, matsalar tana baya: naɗin zare ya sarƙe, ko haƙoran giya sun cika da gari, ko hannun sifirin ya tsage. Na roba yana yawan tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya gani, sai ka kwance shi ka juya. Idan kuwa ya ƙi turuwa, ka zaro shi da sauri ka dubi bakinsa. Ɗan kumburi gajere a ƙarshe ba komai ba ne. Kumburi mai tsawo, santimita guda ko fiye, da kauri daidai da ramin bututu, shi ne shaidar zafi ya hau. Idan kuma ka ga wani zobe mai faɗi kamar kan ƙusa, ko zaren ya ƙi zaruwa sam, to akwai rata tsakanin ƙarshen bututu da nozul, roba tana taruwa a wurin.

Fankoki biyu ne a kan, kada ka rikita su. Ta gefe tana hura abin da ake bugawa. Ta gaba, mai fuskantar haƙarƙari, ita ce tamu, kuma dole ta riƙa juyawa da cikakken ƙarfi muddin kan yana da zafi. Ka kashe injin, ka juya ta da yatsa. Idan tana ciza, ko tana gurnani lokacin tashi, ka canza ta, ka kuma duba abin da aka rubuta a bayanta, 12V ko 24V, ka sayi irinta. Haƙarƙarin ka share shi da tsohon buroshin haƙori.

Idan ratar ce, gyaranta sai da zafi. Ka kai kan digiri 220, ka zare bututun, ka kwance nozul, ka tura bututun ta cikin ramin har ya fito ta ƙasa don ya kwaso robar da ta maƙale. Ƙarshensa idan ya yi baƙi ko ya tsuke, ka yanke shi da reza, yanka miƙaƙƙe, domin in ya karkace ratar tana nan. Ka ɗaura nozul har ƙarshe, ka warware shi kamar rabin juyi, ka cusa bututun har ya dafa shi, ka sa ɗan makullin roba a mariƙi, sannan ka ƙarasa ɗaure nozul ɗin ya matse bakin bututun. Ka riƙe tubalin ƙarfen da ke dumama nozul da sifana yayin ɗauri, ka kiyayi wayoyin da ke jikinsa, sirara ne.

Sai ja-da-baya. A Cura ka duba Retraction Distance. Ga inji mai bututu irin naka, milimita 4 zuwa 6 ya isa. Na ga masu sa 10 don gudun zare-zaren da ke fita kamar yanar gizo-gizo, alhali kowane ja yana ɗauko narkakkiyar roba ya kai ta wuri mai sanyi ta daskare. Idan kayanka masu ƙananan ramuka ne ko rubutu, giyar tana bin wuri ɗaya a jikin zaren sau da yawa har ta cinye shi. Ka rage Maximum Retraction Count zuwa kamar 10.

Bayan ka gama, ka goge haƙoran giya da buroshin waya, ka yanke duk zaren da ta tauna. Sifirin ka ɗaure shi daidai yadda haƙoran za su bar sawu marar zurfi a jikin zaren, ba tare da sun sauya masa siffa ba. Sannan ka ɗaga kan sama, ka aika wannan:

```
M109 S200
M83
G1 E50 F120
```

Wannan zai tura milimita 50 na zare a gudun da ya ɗan ɗara wanda kake bugawa da shi. Ya kamata ya zubo miƙe, ba ƙara. Ka bar kan da zafinsa, farantin ma a kunne, na rabin awa, ka sake aika layin ƙarshe. Idan na biyun ya fita kamar na farko, ka gama. Idan na farko ya yi kyau na biyu ya yi ƙas-ƙas, har yanzu zafi yana hawa, ka koma kan fanka.

Maganar ƙura kuwa gaskiyarka ce, musamman da hunturu, don zare yana kwasar ta ya kai nozul. Amma maganinta ba kwali ba ne. Ka yanki ɗan soso busasshe, ka tsaga shi, ka maƙala a jikin zaren kafin ya shiga giya, ya riƙa share shi. Kwalin ka riƙa rufawa idan injin yana hutawa. Faranti ka sauke shi zuwa 50, PLA zai kama. Manyan ayyukan masu kayan nan, in da hali, ka sa su bayan la'asar sakaliya ko da asuba, ka buɗe taga.