Hoton farko a darasin auna hawan jini

Tambaya: Ina haɗa hotunan darasi don koya wa ma'aikatan lafiya awon hawan jini. Da me zan fara?

Fara da zaman majiyyaci tun kafin na'ura. Sa hoton mutum ya jingina baya, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu kan tebur daidai da zuciya. Ya huta minti 5, babu hira. Hannun da ke lilo yana ɗaga lamba.

Sai ɗamarar hannu, inda aka fi yin kuskure. Ƙarama a damtse mai kauri tana nuna hawan da babu shi. Nuna ta kan fata, ba kan riga ba, santimita 2 zuwa 3 sama da lanƙwasar gwiwar hannu, yatsu biyu na shiga ƙarƙashinta. Ni nakan sa hoton kuskure, su gano da kansu.