Hukuncin auna halin mutum da burujan wuta, ƙasa, iska da ruwa

Tambaya: Malam, barka da war haka. An lissafa mini taurarin ranar haihuwata, aka ce huɗu daga cikin bakwai suna burujan wuta, babu ko ɗaya a na ruwa, biyar kuma suna cikin burujan da ake kira tabbatattu, wai shi ya sa nake da saurin fushi da taurin kai. Wanda ke neman aurena kuwa an ce ruwa ne ya rinjaye shi, don haka ba za mu zauna lafiya ba. Ni ban nemi sanin gaibu ba, halina kawai nake son ganewa. Mene ne hukuncin wannan?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Malama, kafin a yanke hukunci ya kamata a fayyace abin da aka lissafa miki. Masu wannan fanni sun raba hanyar da rana ke bi a shekara gida goma sha biyu, kowane gida ana kiransa buruji, sannan suka kasa gidajen kashi huɗu. Hamal da Asad da Ƙausu na wuta ne, Sauru da Sumbula da Jadayu na ƙasa, Jauza'u da Mizani da Dalwu na iska, Saraɗanu da Aƙrabu da Hutu kuma na ruwa. Suka sake yi musu wani rabo kashi uku: masu juyawa, wato Hamal, Saraɗanu, Mizani da Jadayu, waɗanda yanayin shekara ke sauyawa da shigarsu, tabbatattu, wato Sauru, Asad, Aƙrabu da Dalwu, da ke tsakiyar kowane yanayi, sai masu jiki biyu, wato ragowar huɗun da ke ƙarshensa. Daga nan suke cewa mai wuta jarumi ne mai zafin rai, mai ruwa mai taushin zuciya ne, tabbatacce kuma ba ya sauka daga ra'ayinsa.

Bakwai ɗin da ake lissafawa su ne rana da wata da taurari biyar masu tafiya, wato Uɗaridu, Zuhura, Mirrihu, Mushtari da Zuhalu. A ɗauka rana da Uɗaridu da Zuhura suna Asad a daren da aka haife ki, Mirrihu yana Ƙausu, wata yana Sauru, Mushtari yana Mizani, Zuhalu kuma yana Dalwu. Wannan zai ba da wuta huɗu, iska biyu, ƙasa ɗaya, babu ruwa, tare da tabbatattu biyar, daidai da abin da aka gaya miki. To amma dubi yadda adadin ya samu. Uɗaridu ba ya nisa da rana fiye da daraja 28 ko kusa da haka, alhali faɗin kowane buruji daraja 30 ne, saboda haka haɗuwarsu a gida ɗaya abu ne da ke yawan faruwa. Mushtari yakan yi kusan shekara a buruji ɗaya, Zuhalu kuma kusan shekara biyu da rabi. Wata ne mafi sauri a cikinsu, shi ma sai ya yi kwana biyu da wani abu kafin ya sauya gida. Ma'ana ke nan galibin jariran da aka haifa a duniya a wannan yini suna da irin wannan lissafi naki, da mai haƙurinsu da mai fushinsu. Kowa ya san Hassan da Husainin da aka haifa a ɗaki ɗaya cikin sa'a ɗaya, ɗaya ya tashi shiru-shiru, ɗaya kuma ba a taka shi ya ƙyale.

Rabon masu juyawa da tabbatattu ma an gina shi ne a kan yanayi huɗu na ƙasashen da ke arewa da mu, inda masana irin su Baɗlimus na Iskandariyya suka rubuta shi tun ƙarni na 2 na Miladiyya. Bazara da damina da kaka da hunturu na ƙasar Hausa ba su bin wannan tsari sau da ƙafa. Ƙari a kan haka, gidajen da ake ƙirgawa a lissafin da ya fi yaɗuwa a yau sun zame daga taurarin da aka sa musu sunansu da kimanin daraja 24, domin wurin da ake fara ƙirgar yana ja da baya daraja ɗaya a kowace shekara 72. Mutane da yawa da ake ce wa 'yan Asad, lokacin haihuwarsu rana tana cikin taurarin Saraɗanu ne, wanda a wurinsu na ruwa ne.

Ta fuskar shari'a, malamai sun raba ilimin taurari gida biyu. Akwai sanin tafiyarsu domin gane alƙibla da lokutan salla da hanya da shigowar damina, kamar yadda manomi ke lura da Kaza da 'Ya'yanta, kuma wannan halal ne, har Suratun Nahli ta ambaci shiryuwa da taurari a matsayin ni'ima. Akwai kuma jingina musu tasiri a kan abin da ke faruwa a ƙasa, wanda shi ne aka hana. Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito daga Ibnu Abbas, Allah Ya yarda da su, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ɗebi wani ilimi daga taurari ya ɗebi wani yanki na sihiri, gwargwadon ƙarinsa gwargwadon ƙaruwarsa. A hadisin Zaidu ɗan Khalid da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, an siffanta wanda ya ce an yi mana ruwa saboda tauraro kaza da cewa ya kafirce wa Allah, ya yi imani da tauraro.

Cewar da kika yi hali kawai kike nema ba ta fitar da al'amarin daga hani. Shari'a ta yarda mutane sun bambanta a ɗabi'a, domin Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an halicci Annabi Adamu daga damƙin ƙasa da aka ɗebo daga dukan doron duniya, sai zuriyarsa suka zo akwai mai sauƙin hali, akwai mai tsanani. Babu laifi a ce wane zuciyarsa kamar wuta take, idan abin da aka gani gare shi ake bayyanawa. Abin da babu hujja a kansa shi ne ɗaura wannan hali a kan mazaunin Zuhalu, domin sanya sababi ne inda Allah bai sanya ba, ba ta hanyar wahayi ba, ba kuma ta hanyar gwajin da ya tabbata ba. Sannan ga shi tuni lissafin ya tsallaka daga hali zuwa cewa aurenki ba zai zauna ba, wanda magana ce a kan gaibu kai tsaye.

Hukuncin yana da matakai. Wanda ya ƙudurce cewa taurari da kansu suke ƙera halin mutum ko makomarsa ya faɗa babbar shirka. Wanda ya ce Allah ne mai yi, burujin sababi ne ko alama kawai, ya aikata haram, kuma malamai da dama suna ƙirga shi cikin ƙaramar shirka. Wanda ke karantawa don nishaɗi shi ma ya kiyayi kansa, domin Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ba na dare arba'in. Hukuncin ya haɗa da hisabin da wasu ke yi a garuruwanmu, inda ake tara lambobin haruffan sunan mutum da na mahaifiyarsa, a raba, a ce tauraronsa na wuta ne ko na ruwa. Wanda ya nazarci abin domin ya bayyana wa mutane ɓacinsa babu laifi a kansa.

Tunda ba ki san hukuncin ba, ki yi istigfari, ki daina komawa ga lissafin, kuma bai halatta ki dogara da shi wajen ƙin manemin nan ko karɓarsa ba. Iyayenki su bincika addininsa da halinsa a wurin maƙwabtansa da abokan hulɗarsa, ke kuma ki yi istihara. Saurin fushin da kike gani gare ki yana da maganin da ya zo a Sunna: neman tsari daga Shaiɗan, da yin shiru, da zama idan kina tsaye. Wallahu a'alam.